Kumatun Magani Daban, Kumburin Ƙoda Daban

Kuskure guda ne ke yawan mayar da yara masu ciwon nefrotik gadon asibiti: iyaye su ga fuskar yaro ta cika, su ce maganin ne ya ƙara masa cuta, su dakatar. A wannan ciwo matatar ƙoda ce ke yoyon furotin cikin fitsari, sai ruwa ya taru a jiki. Ido kan kumbura da safe, ƙafa da yamma, fitsari ya riƙa kumfa. Ba tamowa ba ce, ba kuma sammu ba.

A ɗauki yaro ɗan shekara 4 mai kilo 15. Likita zai ɗora shi kan firednisolon miligiram 30 kowace safiya, wato ƙwaya 6 masu miligiram 5, na mako 4 zuwa 6, sannan a rage a koma kwana ɗaya tsallake ɗaya na wasu makonnin. Kumburin yawancin yara kan sace cikin mako 2. Sai dai maganin na sa ci da yawa, kumatu su fito, kuma a nan maƙwabta ke shigowa da fatawa. Kumburin ƙoda, in an danna ƙauri da yatsa, yakan bar rami. Kumatun magani kitse ne, za su koma bayan an gama. Yanke maganin kwatsam haɗari ne, domin jikin ya rage samar da nasa sinadarin, yaro na iya galabaita har ya suma. Likita ne kaɗai ke ragewa, shi ma a hankali.

Ciwon kan dawo wa akasarin waɗanda suka sami sauƙi, sau da yawa bayan mura, kuma wannan ba ya nufin ƙodar ta mutu. Tsinken gwajin fitsari ne alƙali. A gwada fitsarin farko na safe, a rubuta. In ya nuna 3+ kwana 3 a jere, ciwon ya dawo, a tafi asibiti tun kafin kumburi. Wanda furotin bai ɗauke masa ba bayan mako 4 zuwa 6 na magani, aikinsa ya koma hannun ƙwararren likitan ƙodar yara.

Abin takaici shi ne masu kemis da ke miƙa lasis don “a zuƙe ruwan”. Ruwan na cikin tsoka, jijiyoyin jini kuwa ƙila sun riga sun ƙafe. Ƙara matsa su na iya jawo daskarewar jini ko tsayawar ƙoda. Rage gishiri da magi a girki ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba.

Zazzaɓi tare da ciwon ciki ba ya jiran wayewar gari, don ƙwayoyin cuta kan shiga ruwan cikin. Haka raguwar fitsari, sanyin hannu da ƙafa, ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi. In ƙarambau ko ƙyanda ta shigo gida alhali yaro na kan maganin, a sanar da likita a ranar.