Lambobin Tabbatarwa na Manhaja: Yadda Ake Saitawa da Inda Ake Ajiye na Ko-ta-kwana

Yawancin gidaje sun saba da lambar da ake turowa ta saƙon tes idan za a shiga Gmail ko Facebook. Matsalarta ita ce a jikin layi take. Idan babu sabis ba za ta iso ba, idan kuma wani ya yi dabara aka sabunta masa layinku a sabon sim, wurinsa za ta riƙa zuwa. Manhajar tabbatarwa irin su Google Authenticator, Microsoft Authenticator da 2FAS tana kawar da wannan, domin ita ke samar da lambar a cikin wayar. Sai dai tana da nata haɗarin: ranar da wayar ta ɓata, lambobin sun tafi tare da ita, sai fa in an yi tanadi tun farko.

1. Ku fahimci daga ina lambar ke fitowa.

Lokacin saitawa, shafin yana ba manhajar wani mabuɗi na sirri, wato dogon jerin haruffa da lambobi da ke ɓoye cikin zanen QR ɗin da kuke ɗauka da kamara. Daga nan manhajar tana haɗa mabuɗin da lokacin da agogon waya ya nuna, ta fitar da lamba mai alƙaluma 6 wadda ke sauyawa duk bayan daƙiƙa 30. Shafin shi ma yana riƙe da kwafin mabuɗin, yana yin lissafi iri ɗaya a wurinsa, idan amsoshin biyu suka yi daidai sai ya buɗe muku. Wannan tsari sunansa TOTP, kuma tun 2011 aka fitar da ƙa'idarsa.

Tunda babu abin da ake turowa, manhajar ba ta buƙatar data ko sim kafin ta nuna lamba. Alhajin da ya cire layinsa na gida ya sa na Saudiyya zai ci gaba da ganin lambobinsa. Amma kuma duk wanda ya samu mabuɗin nan zai riƙa fitar da lambobi iri ɗaya da naku a tasa wayar, ba tare da kun ga wata alama ba. Saboda haka zanen QR ba abin turawa ta WhatsApp ba ne, ko ga ɗan cikinku.

2. Ku fara da imel, kuma ku zauna ku yi shi a natse.

Imel ne ke karɓar saƙon sauya kalmar sirri na kusan duk sauran asusunku, don haka shi ne na farko. Ku sauke manhajar daga Play Store ko App Store, ku duba sunan kamfanin da ya yi ta, domin akwai na bogi masu suna mai kama da na gaske. Kada ku karɓe ta ta Xender daga wayar wani.

A Gmail, ku shiga myaccount.google.com, ku je Security, sannan 2-Step Verification, sannan Authenticator. Zanen QR zai fito. Idan a kwamfuta kuka buɗe shafin, sai ku danna alamar + a manhajar, ku zaɓi Scan a QR code, ku nuna wa kamara zanen. Idan waya ɗaya ce kacal a hannunku, kamar yadda yake a gidaje da yawa, ba za ta iya ɗaukar hoton fuskarta da kamararta ba. Ku danna Can't scan it? a ƙarƙashin zanen, mabuɗin zai fito a rubuce, ku kwafe shi, ku koma manhajar ku zaɓi Enter a setup key, ku liƙa shi, ku bar nau'in a kan Time based.

Saura mataki ɗaya, kuma a nan mutane ke yin tuntuɓe. Dole ne ku koma shafin ku rubuta lambar da manhajar ke nunawa, ku danna Verify. Wanda ya ga lambobi suna juyawa ya rufe shafin bai kammala komai ba. Manhajar za ta yi ta nuna lambobin da shafin bai san da zamansu ba.

3. Kada ku tashi daga wurin sai kun rubuta lambobin ko-ta-kwana.

A ganina wannan ya fi saitawar kanta muhimmanci, kuma shi aka fi ɗagewa zuwa gobe. A shafin 2-Step Verification ɗin akwai Backup codes. Google yana ba da lambobi 10, kowace mai alƙaluma 8, kuma sau ɗaya kowace ke aiki. Facebook da Instagram su ma suna da nasu. Aikinsu shi ne su tsaya a madadin manhajar ranar da ba ta hannunku. Ba sa maye gurbin kalmar sirri, ana buƙatar su biyun tare.

Ku rubuta su da biro a takarda mai kauri. A saman takardar ku sa sunan asusun da ranar da kuka fitar da su, domin a gidan da mutum biyar ke da Gmail, takardar da ba suna ba ta da amfani. Ranar kuma tana da dalili: duk lokacin da kuka nemi sabon jeri, tsohon ya mutu gaba ɗaya, har waɗanda ba a taɓa ba, kuma idan takardu biyu suka haɗu a akwati kwanan watan ne zai nuna muku mai rai. Ku kula da rubutun 1 da 7, da 3 da 8. Kada ku rubuta kalmar sirri a takarda ɗaya da lambobin.

Sannan ku gwada ɗaya nan take. Ku buɗe burauza a wata waya ko kwamfuta, ku sa kalmar sirri, idan aka nemi lamba ku danna Try another way, ku zaɓi shigar da lambar ko-ta-kwana. Idan ta buɗe, ku ja mata layi. Kun yi asarar lamba ɗaya, amma kun tabbatar cewa rubutun daidai ne, kuma kun san hanyar kafin ranar tashin hankali.

4. Ma'ajiyar takardar.

Wuraren da mutane suka fi so su ne mafi muni: hoton fuskar waya a cikin wayar, ko saƙon imel da mutum ya tura wa kansa a asusun da yake son karewa, ko 'yar takarda a bayan murfin waya. Duk wannan kulle ɗaki ne da barin makulli a ciki. Fayil ɗin da ake samu idan an danna Download shi ma a cikin wayar yake zama, don haka idan kun sauke shi don bugawa, ku goge shi bayan an gama. Ni dai ban ga hikimar kai shi shagon buga takardu ba, inda zai kwana a kwamfutar da kowa ke taɓawa. Rubuta lambobi goma da hannu ba ya cin minti biyar.

Ku sa takardar a leda mai zif saboda laimar damina da gara, ku ajiye ta tare da takardun fili da na haihuwa, inda yara ba sa kai hannu. Idan da hali ku yi kwafi na biyu a ambulan liƙe, a gidan iyaye ko wani ɗan'uwa da kuka amince da shi, saboda gobara ko ambaliya. Mai yawan tafiya yana iya ɗaukar lambobi biyu a jakar kuɗinsa ba tare da sunan asusun a jiki ba. Kuma a samu babba ɗaya a gidan, miji ko mata, da ya san inda takardar take.

5. Idan lamba ta ƙi karɓuwa, ku fara duba agogo.

Tunda lissafin da lokaci ake yin sa, wayar da agogonta ya yi gaba ko baya da minti biyu za ta riƙa ba da lambobin da shafin zai ƙi. Masu tura agogo gaba da minti biyar don kada su makara su ne suka fi gamuwa da wannan. Ku shiga Settings, ku nemi Date & time, ku kunna saitin lokaci na atomatik. Idan agogo daidai yake, ku duba ko layin wani asusun kuke karantawa, musamman a wayar da ke ɗauke da Gmail na maigida da na uwargida.

6. Kafin sayar da waya, ko kai ta filashin, ku kwashe mabuɗan.

Cire manhajar ko goge wayar yana share mabuɗan da ke cikinta idan ba a adana su a wani wuri ba. A Google Authenticator akwai Transfer accounts: a tsohuwar waya ku zaɓi Export accounts, a sabuwar Import accounts, ku ɗauki zanen da ya fito. Sai kun shiga asusu da lambar sabuwar wayar kafin ku goge tsohuwar.

Tun 2023 manhajar tana iya adana mabuɗan a asusun Google, su dawo da kansu a sabuwar waya. Sauƙi ne na gaske, amma ku lura da tarkon da ke ciki. Kafin su dawo sai kun shiga asusun Google, shi kuma yana neman lambar da ke cikin manhajar da ta ɓata. Takardar nan ce ke warware wannan ƙulli.

7. Ba a karanta wa kowa lamba a waya.

Manhaja tana kare ku daga satar layi, ba ta kare ku daga yaudara. Idan kuka rubuta lambar a shafin bogi, ko kuka karanta wa mai kira da ya ce daga kamfani yake, daƙiƙa 30 sun ishe shi ya shiga. Lambar ko-ta-kwana ta fi haɗari, domin ba ta mutuwa da kanta sai an yi amfani da ita ko an sauya jerin.

8. Ranar da wayar ta ɓata.

A ce an zare wa uwargida wayarta a kasuwa, kuma a cikinta ne take da Gmail da shafin Facebook da take tallan atamfa. Da ta dawo gida sai ta ɗauko takardar lambobin, ta ari wayar maigida, ta buɗe burauza, ta sa adireshin imel da kalmar sirri, ta danna Try another way, ta rubuta lamba ɗaya daga takardar, ta ja mata layi. Da zarar ta shiga, sai ta je Security, ta buɗe Manage all devices, ta fitar da wayar da aka sace daga asusun, sannan ta sauya kalmar sirri.

Bayan haka ta koma Authenticator ta sake saita shi a wayar da za ta riƙa amfani da ita. Sabon mabuɗi ne za a ba ta, kuma wannan ne ke kashe lambobin da ke juyawa a hannun ɓarawon. Haka za ta yi wa Facebook da nasa lambobin. Layin kuma a kira kamfanin a rufe shi a ranar, domin mai yiwuwa har yanzu yana cikin hanyoyin karɓar lamba. Idan ta gama, ta fita daga asusun a wayar maigida. In lambobin takardar sun rage uku ko huɗu, ta fitar da sabon jeri, ta rubuta da kwanan wata, ta yaga tsohuwar takardar, ta kuma sauya kwafin da ke gidan iyayenta.