Takardar Neman Amincewar Majinyaci: Rubutu Domin Kunne

Bayan gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, iyaye sun kai ƙara cewa ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Wannan ne abu na farko da ya wajaba takardar neman amincewa ta fayyace: bincike ne, ko kuwa jinya? Majinyacin da karatunsa bai yi nisa ba karanta masa ake yi a gaban shaida, sannan ya dangwala yatsa. Saboda haka da kunne za a auna kowace jimla.

Mu dubi wannan: “Za a ɗauki samfurin jini mililita 5.” Nahawunta daidai ne, amma lamirin “a” ya ɓoye mai aikin, “samfuri” da “mililita” kuma ba sa nuna wa mai sauraro komai. Gara a rubuta: “Ma’aikaciyar jinya za ta ɗebi jininka daga hannu, cikin cokalin shayi ɗaya. Za ka ji zafin allura kaɗan. In ka ƙi, za mu ci gaba da yi maka magani yadda aka saba.” Jimlar ƙarshe ta fi sauran nauyi, domin mai tsoron a hana shi magani ba shi da zaɓi na gaskiya.

Matsalar da ta rage ita ce kalmar “to”. A bakin Bahaushe tana iya nufin “na ji” kawai, musamman a gaban likita, inda kunya ke hana musu. Don haka kada takardar ta ƙare da “Ka gane?” A sa tambayar da “to” ba ta amsa ta: “In ka ƙi, me zai faru da jinyarka?” Idan ya ce za a sallame shi, sai a sake bayani kafin a kawo tawada.