Kada ku sayi tauraro da sobolo: gargaɗi ga masu shago a Bantama

Mai neman abinci ko masauki a Bantama yau ba lallai ne ya tambayi kowa ba. Baƙon da ya kawo mara lafiya asibitin Komfo Anokye daga Bawku ko Tamale, bai san gari ba, waya yake ɗagawa ya duba Google Maps, ya zaɓi wurin da ya fi taurari. Masu shago sun gane haka, shi ya sa wasu suka fara liƙa takarda kusa da teburin biyan kuɗi: ba mu tauraro biyar, ka sha sobolo kyauta. Ga abin da za ku yi da wanda ba za ku yi ba.

Kada ku ɗaura kyauta ko ragi a kan yabo. Wannan shi ne tushen maganar, don haka bari mu yi lissafinsa a fili. A ce wata mai tuwon zafi tana da sharhi 20 na gaskiya, kuma makinta ya tsaya a 4.0, wato jimillar taurarinta 80. Sai ta yi alkawarin gorar sobolo ta sidi 5 ga duk wanda ya nuna mata tauraro biyar a wayarsa. Mutum 30 suka yi. Taurarinta sun koma 230 a kan sharhi 50, maki ya hau 4.6, kuma sidi 150 kawai ta kashe. Miyarta ba ta canja ba, naman bai ƙaru ba, jiran da ake yi da rana yana nan. Baƙon nan zai wuce maƙwabciyarta mai 4.3 da ta samu da guminta, ya shigo nan, yana zaton mutum 50 ne suka faɗi abin da suka gani, alhali 30 daga cikinsu biyansu aka yi. An cuci mutum biyu ke nan, baƙon da maƙwabciyar, kuma ba wanda ya san an yi cinikin a cikinsu. Sharhi shaida ce da mai saye yake bayarwa ga wanda bai zo ba tukuna. Idan mai kaya ne ya biya mai shaidar, to talla ce aka sa wa rigar shaida.

Kada ku ce ai gyara ce. Gyara al'adarmu ce, daga kasuwar Bantama har Kejetia, kuma ba wanda ya hana ku. Amma gyara ana ba da ita ne bayan ciniki, a gaban kowa, ba a neman komai a madadinta. Da zarar an ce "sai ka rubuta", ta tashi daga gyara. Malamanmu sun daɗe da sanin irin wannan a babin ciniki, inda shari'a ta haramta najashi, wato mutum ya riƙa ƙara wa kaya farashi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Ku kai wa malaminku takardar nan ta sobolo, ku ji abin da zai ce.

Kada kuma ku yaudari kanku da cewa "na ce ya rubuta gaskiya ne kawai". Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin da kika rage wa sidi 10, yana tsaye gabanki kina kallon wayarsa, ba zai iya rubuta cewa shinkafar ta sha ruwa ba. Kunya ce za ta rubuta masa. Saboda haka ne ƙa'idar Google ta hana ba da kuɗi, ragi ko kaya kyauta don a rubuta sharhi kowane iri, ba na yabo kaɗai ba, haka ma don a gyara ko a goge na suka. Tripadvisor, inda masu otal da masauki suka fi damuwa, shi ma ya hana.

Ku san abin da ke biyo baya. Waɗannan kamfanoni amincin sharhi suke sayarwa. Ranar da mutane suka daina yarda da taurari, kasuwarsu ta mutu, don haka ba sa wasa. Google na iya goge sharhin da aka saya, ya hana shagon karɓar sabo na wani lokaci, ya ɓoye na da, har ya liƙa gargaɗi a shafin shagon cewa an cire sharhin bogi. Mai tuwonmu za ta koma 4.0 ɗinta, sidi 150 sun tafi, ga tambarin rashin gaskiya a ƙofa. Amazon ya hana sharhin da ake musaya da kaya kyauta tun Oktoba 2016, kuma a 2021 ya kori ɗaruruwan kamfanonin ƙasar Sin daga kasuwarsa kan wasa da sharhi, cikinsu har da manyan masu sayar da kayan lantarki irin su Aukey da Mpow. Hanyarsu ita ce jefa ɗan kati a cikin kwali mai alkawarin kyauta ga wanda ya yi sharhi. A Amurka, dokar hukumar FTC da ta fara aiki a Oktoba 2024 ta sa tara a kan biyan mutum bisa sharaɗin ya yaba ko ya kushe. Idan kuna aika fugu ko man kaɗanya waje, wannan ya shafe ku.

Kada ku ɗauka ba za a gane ba. Shagon da ya yi shekara biyu yana samun sharhi ɗaya a wata, kwatsam ya samu 30 cikin mako guda, duk tauraro biyar, duk kalma biyu ko uku, ya riga ya tona kansa. Sau da yawa ma mai sayen ne da kansa yake fallasa ku da kyakkyawar niyya, ya rubuta "na gode da sobolon kyauta", ko ya ɗauki hoton abinci takardar ta fito a bayansa. Maƙwabcin da kuka danne kuwa yana da waya, kuma kai ƙara bai fi minti ɗaya ba.

Kada ku tara yaran shago, ƙanne da 'yan majalisa su rubuta. Kada ku tace masu saye, ku roƙi wanda ya yi murmushi ku ƙyale wanda ya ɓata rai. Wannan ma Google ya hana.

Ku roƙi sharhi, wannan halal ne. Ku roƙi kowa, da baki ɗaya: "Hajiya, in kin samu hali ki rubuta yadda kika ga abincinmu." Ku sa alamar shafinku a jikin rasit ko a saƙon WhatsApp bayan an kai kaya, ku bar mutum ya rubuta a gidansa, ba a gabanku ba. Idan kuna son yin ragi, ku yi wa duk wanda ya dawo karo na biyar, ko ya rubuta ko bai rubuta ba.

Ku amsa suka a bainar jama'a, cikin ladabi. Wanda ya ce ya jira minti 40, ku ba shi haƙuri, ku faɗi abin da kuka gyara. Idan hakkinsa ne ku mayar masa da kuɗinsa ta MoMo, ku mayar, amma kada ku haɗa da "sai ka goge". Mai karatu mai hankali yakan fara da sharhin tauraro ɗaya da biyu, kuma amsarku yake dubawa fiye da ƙorafin.

In kuwa kun riga kun liƙa takardar, ku cire ta yau. Ku cika alkawarin waɗanda kuka riga kuka yi wa, ku gaya musu su goge abin da suka rubuta ko su sake shi bisa gaskiya, sannan ku gargaɗi yaran shago kada wani ya ci gaba da yin tayin da baki.