Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Rubuta wa Ɗan Haya Takardar Tashi?

Tambaya: Ina da gida a Ƙofar Wambai, akwai wani bawan Allah mai sayar da gwanjo a kasuwa da yake haya a sashe ɗaya da iyalinsa tun 2020. Shekarar farko mun yi takarda, daga nan sai ya ci gaba da biya duk shekara ina ba shi rasit. Kuɗinsa yana ƙarewa ƙarshen Satumba. Yanzu ɗana zai yi aure, ina son wurin. Wasu sun ce wata ɗaya ya isa, wasu sun ce uku. Ba na son in zalunce shi, ba na kuma son mu je kotu. Wane wa'adi zan ba shi, kuma me zan rubuta?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri a auren. Wata shida za ka ba shi, kuma wata shidan nan ba daga ranar da ka ga dama ake fara ƙirga su ba. Daga ranar ƙarewar hayarsa ake ƙirgowa baya.

Ma'aunin da kotunan Najeriya suka saba aiki da shi, idan babu yarjejeniyar da ta faɗi wani wa'adi dabam, yana bin yadda ake biyan kuɗin. Mai biya mako-mako yana da mako ɗaya, mai biya wata-wata yana da wata ɗaya, mai biya duk wata uku yana da wata uku, mai biya shekara-shekara kuma yana da wata shida. Don haka ka fara ɗauko takardar nan ta 2020 ka karanta. Idan kun rubuta wani wa'adi a ciki, ka nuna wa lauya ya duba ko har yanzu yana aiki. Idan ba ku rubuta ba, mutumin nan ya zama ɗan hayar shekara-shekara, tun da takardar ta ƙare ka ci gaba da karɓar kuɗin shekara a hannunsa. Da a ce yana cikin shekarar farko ne mai ƙayyadadden farko da ƙarshe, da hayar ta mutu da kanta ranar da wa'adin ya cika. Masu ce maka wata ɗaya, hayar wata-wata suke tunani.

Fiƙihunmu ma ya san wannan bambanci. Malaman Malikiyya sun raba haya gida biyu: wajiba, wadda aka yanke mata lokaci kuma ta hau kan kowa har ta ƙare, da mushahara, wadda ake cewa kowane wata ko kowace shekara kaza ba tare da an faɗi ƙarshe ba. Ko a mushahara ɗin, abin da mutum ya riga ya biya kuɗinsa ya zama haƙƙinsa. Ke nan ta kowace fuska, sashen nan nasa ne har 30 ga Satumba.

To mu yi lissafi. Idan hayar za ta ƙare 30 ga Satumba, 2026, cikakkun wata shida su ne Afrilu zuwa Satumba. Dole takardar ta shiga hannunsa kafin Maris ya ƙare, kuma ni shawarata ka kai ta tun tsakiyar wata. Ranar da ya karɓa ake dubawa, ba ranar da ka rubuta ba. An daɗe a ƙasar nan ana watsi da ƙarar masu gidaje saboda notis ya gaza da 'yan kwanaki, ko bai faɗa daidai da ƙarshen shekarar haya ba. Gaskiya ne a 2021 Kotun Ƙoli ta sassauta a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, inda ta nuna cewa ɗan haya ba zai fake da kuskuren notis ya yi ta zama ba bayan an shigar da ƙara. Amma wannan magani ne na wanda ya riga ya shiga kotu, kai kuwa ka ce ba ka son zuwa. Wani abu kuma da ya shafe mu a cikin gari: mutane da yawa da watan Musulunci suke lissafin haya, shekararsa kuma ta gaza ta Bature da kusan kwana 11. Ka duba rasit ɗinka ka ga da wanne kuke aiki, ka rubuta da shi.

Takardar kanta gajera ce. Bayan kwanan wata da cikakken sunansa, ga yadda za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum. Ni ne mai gida mai lamba kaza a unguwar Ƙofar Wambai, Kano, inda kake hayar sashe mai ɗaki biyu da falo a kan biyan shekara-shekara. Ina sanar da kai cewa ba zan sabunta hayar ba idan ta ƙare. Ina neman ka bar sashen ka miƙa mini makullai ranar 30 ga Satumba, 2026. Dalili shi ne buƙatar iyalina ga wurin. Na gode da zaman lafiyar da muka yi."

Sai ka sa hannu da sunanka. Kada ka rubuta "zuwa bayan Sallah" ko "idan damina ta wuce". Rana ɗaya tak ake so. Kada kuma ka cusa ƙorafin kuɗin wuta ko rigimar yara a ciki, domin takardar da ta zama ta faɗa amsar faɗa take jawowa. Idan dillali ko lauya ne zai rubuta a madadinka, ka ba shi izini a rubuce. In kuwa gidan na gado ne da ba a raba ba, ku fara daidaitawa da sauran magada, kada wani ya karɓi kuɗin haya ta bayan fage.

Ina roƙonka kada takardar ta riga bakinka isa gare shi. Mutumin da kuka yi shekaru kuna haɗuwa a sahun sallah ya cancanci ka zauna da shi a soro ka gaya masa da kanka. Bayan haka ka kai masa kwafi biyu a gaban shaidu biyu, ko a gaban mai unguwa, ya riƙe ɗaya, ya sa hannu da kwanan wata a ɗayan ka ajiye. Kada ka ba yaro ya kai, kada ka tura ta ƙarƙashin ƙofa. Ka tuna zai nemi gidan da ba zai yi masa nisa da kasuwa ba, zai tara kuɗin shekara da na dillali, ga sauya wa yara makaranta da Islamiyya a daidai lokacin komawa karatu. Wata shida ba su yi yawa ga wannan ba.

Inda masu gida suka fi ɓata aikinsu shi ne kuɗi. Idan ya kawo maka na sabuwar shekara ka karɓa ka rubuta rasit, zai iya cewa kun ƙulla sabuwar haya, kuma yana da hujja. Idan ya roƙi ƙarin wata ɗaya ko biyu ka ga za ka iya, ku rubuta sabuwar ranar fita, rasit ɗin kuma ya nuna kuɗin zaman waɗannan watanni ne kawai.

Idan ranar ta zo bai tashi ba, takardarka ba ta ba ka ikon fitar da shi da hannunka ba. Sa kwaɗo a ƙofa, yanke wuta, cire kwanon rufi ko watso kaya waje duk suna iya sa kotu ta ci ka tara ta biya shi diyya, alhali gidan naka ne. Abin da ke biye shi ne notis na biyu na kwana bakwai, mai sanar da shi niyyarka ta neman kotu ta karɓar maka wurin, kuma a nan ya kamata lauya ya shigo. Shari'a kan ɗauki watanni, saboda haka kada ku tsayar da ranar tarewar amarya a makon farko na Oktoba. Ku bar tazarar aƙalla wata biyu, wadda ko ya fita a kan lokaci za ku buƙace ta don gyara da fenti.