Yadda ake ƙirga amsoshin fom daga hotunan waya

Sau da yawa wanda ya buɗe fom a Google Forms ba shi ne zai rubuta rahoton ba. Sai ya ɗauko hotunan shafin Responses ya turo maka ta WhatsApp, ya ce ka fitar da jadawali. In zai yiwu, roƙe shi ya sauko maka da fayil ɗin CSV, aiki ya ƙare. In kuwa hotunan ne kawai a hannu, to a bi a hankali.

Fara da jera su. A sashen Individual kowane mai amsa yana da lambarsa a sama, kamar 1 of 40. Rubuta lambobin nan a takarda kafin ka ƙirga komai, domin a nan ne ɓarnar take shiga. Mai ɗaukar hoto yakan ɗauki shafi ɗaya sau biyu, ko ya tsallake wani, kuma fom mai tsawo yakan rabu hoto biyu ko uku, ƙasan na farko ya sake fitowa a saman na biyu. Lambar da ta maimaitu ka soke ɗaya, wadda ta ɓace ka nemi a turo.

Sai ƙirga. Ɗauki tambaya ɗaya ka bi ta har ƙarshe, kana jan sanda gaban kowane zaɓi, ta biyar ta gitta huɗun. Ka ware layi na waɗanda suka bar tambayar ba amsa.

A ce mutum 40 aka tambaya yadda suka fi biyan kuɗi a kasuwa, biyu ba su amsa ba:

| Zaɓi | Adadi | Kashi cikin ɗari |
|---|---|---|
| Tsabar kuɗi | 19 | 50.0 |
| Tiransifa | 12 | 31.6 |
| Kati | 7 | 18.4 |
| Jimla | 38 | 100.0 |

Da 38 aka raba, ba da 40 ba. Wanda ya raba da 40 zai sami 47.5 da 30 da 17.5, jimlarsu 95, ya rasa inda biyar ta shiga. Ni dai na fi son a raba da waɗanda suka amsa, sannan a rubuta ƙarƙashin jadawali cewa mutum biyu sun yi shiru. A Excel, idan adadin yana B2 jimla kuma tana B5:

```
=ROUND(B2/B$5*100,1)
```

Jimlar da ta zo 99.9 ko 100.1 ba kuskure ba ce, datse lambobi ne ya jawo, kada ka taɓa ta. Amma tambaya irin ta Checkboxes, inda mutum ke iya zaɓar abu biyu ko uku, jimlarta takan wuce ɗari sosai. Nan ma da yawan mutanen da suka amsa za ka raba, ba da yawan zaɓin da aka danna ba, ka kuma faɗi haka a ƙasan jadawalin.

Kafin ka miƙa aiki, kwatanta alƙalumanka da hoton Summary in an turo shi. Idan sun saɓa, koma kan lambobin hotunan nan da ka rubuta tun farko.