Darasin Zuba Jari: Garaɓasar Ƙarshen Shekara, A Dunƙule Ko Kashi-Kashi?

Ma'aikata da dama da ke zaune a Suleja suna aiki a Abuja sukan karɓi garaɓasa a watan Disamba. Wanda ya ƙudurta sayen hannun jari da ita yana da hanya biyu: ya zuba kuɗin a dunƙule, ko kuwa ya kasa su cikin watanni.

A ɗauka mutum ya sami N600,000, hannun jarin da yake so kuma yana kan N50. In ya saya a dunƙule, zai mallaki 12,000. In kuwa ya kasa kuɗin uku, N200,000 kowane bayan wata biyu, farashi kuma ya sauka zuwa N40, sa'an nan N25, zai tara 17,000. Amma in farashin ya hau zuwa N64, sa'an nan N80, abin da zai samu 9,625 ne kacal. Ke nan kasawa kariya ce daga faɗuwar kasuwa, ladanta kuwa shi ne ribar da ake rasawa in kasuwa ta tashi.

Kasuwar hannun jari ta Legas ta nuna fuskokin nan biyu. A shekarar 2008 ma'auninta ya faɗi da kusan kashi 46 cikin 100, waɗanda suka zuba a dunƙule a watan Maris suka ji jiki. A shekarar 2023 kuwa ya hau da kusan kashi 46, masu jinkiri suka sayi da tsada.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100. A irin wannan hali, N400,000 da ke jiran lokacinsu suna rasa darajar kimanin N10,000 kowane wata. Bugu da ƙari, kuɗin da ke kwance a asusu ba sa tsira daga biki, suna da buƙatun dangi.

Saboda haka, wanda ba zai buƙaci kuɗin ba har shekara biyar, kuma zai iya ganin jarinsa ya ragu da rabi ba tare da ya sayar ba, zuba su a dunƙule ya fi masa. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, sai ya kasa, amma kada ya wuce wata shida. Ya tsayar da rana da adadi tun farko, ya sanar da dillalinsa mai rajista a rubuce. Alamar cewa shirin ya lalace ita ce ranar sayen ta zo, farashi ya sauka, shi kuwa ya ce bari ya ƙara jira, alhali saboda irin wannan rana aka kasa kuɗin.