Yadda Nake Yanka Katunan Bita Daga Darasin Zuciya

'Yan'uwana ɗalibai, in malamin kimiyyar halittu ya gama haska darasi da majigi ya ba mu kwafinsa, abu uku muke tararwa a ciki, watau zane, da sunayen sassan zanen, da ma'anar kalmomi. Ga yadda nake mai da su katuna. Bari in yi misali da zanen zuciyar mutum.

A zanen namu sunaye goma ne: ɗakuna huɗu, manyan jijiyoyin jini huɗu, da ƙyamare biyu masu hana jini komawa baya. Kada ka tara su a kati guda, gama in ka tuna bakwai sai ka ce ka iya, ukun nan kuwa su ɓuya. Sai ka yanka kati goma. A fuskar kowane ka zana zuciya ba suna, ka ja kibiya zuwa wuri ɗaya tak, sa'an nan ka rubuta sunan wurin a baya, harafi da harafi yadda yake a darasin malam. Ka lura, an zana zuciyar kamar mai ita yana fuskantarka, saboda haka damarta tana hagun takarda.

Amma suna kaɗai ba ya isa. Kowane zane yana da abin da yake nunawa ba tare da an rubuta ba. Dubi bangon ɗakin ƙasa na hagu, ya fi na dama kauri ƙwarai. To, wannan ma kati ne. Fuska: "Don me bangon nan ya fi kauri?" Baya: "Domin shi ke tura jini zuwa dukan jiki, na dama kuwa iyakarsa huhu."

Wajen ma'ana ne aka fi tuntuɓe. Da yawa sukan rubuta cewa atari ita ce jijiyar da ke ɗauke da jini mai iskar oksijin. Lalle yawancinsu haka suke, amma wadda ta tashi daga ɗakin ƙasa na dama zuwa huhu atari ce, jininta kuwa oksijin ɗinsa kaɗan ne. Ma'anar gaskiya ita ce jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Nakan ba wannan ta huhu katinta dabam.

Wajen bita ina bin dabarar da wani Bajamushe, Sebastiyan Laitina, ya bayyana a 1972, ko da yake ni gwangwani uku nake ajiyewa. Na fari nakan duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako mako. Katin da na amsa daidai ya ci gaba, wanda na kasa ya koma na fari. Ka faɗi amsa da baki tukuna, kana ka juya katin.

In kana so ka san ko zuciyar ka sani ko kuwa zanen malam kurum ka haddace, sai ka buɗe wani littafi mai zane dabam, ka rufe sunayen da yatsa, ka bi jini daga ɗakin sama na dama har ya fita ta awota.